Ƙarin makonni ko sauya sashe: wanne ɗalibin SIWES zai nema?

Ɗalibin da ke horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikata ta Najeriya, wato ITF, ke kula da shi, yakan lura tun kafin wa'adi ya cika cewa akwai giɓi. Kafin ya rubuta wa ma'aikatar da ta karɓe shi takarda, ya fara tantance abin da ya rasa: kwanaki ne ko aikin kansa. Amsar ce za ta nuna masa irin takardar da zai rubuta, domin ƙarin lokaci ba ya gyara zama a sashen da bai dace ba.

Ƙarin makonni ya fi dacewa da wanda lissafinsa bai cika ba. Ɗalibin injiniya a jami'a yakan yi wata 6, wato mako 24, na kwalejin fasaha mai neman difiloma kuwa wata 4. Wanda ya fara a makare ko ya kwanta jinya mako 3 zai tarar da shafukan littafin rahotonsa babu komai, kuma malamin da zai zo dubawa daga makaranta zai ƙirga su. A nan takardar mai sauƙi ce. A faɗi ranar da aka fara, ranar da ya kamata a gama, makonnin da aka rasa da dalili, sannan sabuwar ranar gamawa ƙarara, misali daga 1 zuwa 26 ga Satumba. Kalmar "'yan makonni" kan sa takarda ta kwanta a tebur, saboda jami'in ma'aikata ba shi da ranar da zai rubuta a katin shiga.

Matsalar wannan zaɓi tana wajen makaranta. Idan zangon karatu zai buɗe kafin ƙarin ya ƙare, amincewar kamfani ba ta da amfani, don haka a fara samun yardar jami'in SIWES na makaranta a rubuce, a maƙala ta. A kuma faɗa a fili ko ana sa ran alawus a makonnin ƙarin. Sau da yawa kasafin da aka ware ya ƙare da wa'adin farko, kuma wanda ya ce zai iya ci gaba ba tare da alawus ba ya rage wa mai sa hannu nauyi.

Sauya sashe ya fi wuya, ya kuma fi amfani idan matsalar aikin ce. A ɗauki ɗalibar injiniyan lantarki da aka ajiye a sito na wata masana'anta, ta yi mako 8 tana shigar da kayan gyara a rajista. Saura mata mako 16. Ko an ƙara mata wata guda a sito, ranar kare rahoto ba ta da abin faɗa a kan na'urar rarraba wuta ko gyaran injin. Abin da ya dace ta nema shi ne a mayar da ita sashen gyare-gyare daga mako na 10.

Aikin yana farawa ne da baki. Ta fara shaida wa mai kula da ita, sannan ta tambayi shugaban sashen gyare-gyare ko yana da gurbi da wanda zai sa mata ido. Sai an yi wannan za ta rubuta wa shugaban sashen ma'aikata, ta hannun mai kula da ita, ya sa hannu ya miƙa. Takardar da ta tsallake shi takan dawo teburinsa a nemi ra'ayinsa, kuma shi ne mai sa hannu a littafinta. A cikin takardar kada ta ce sito ba a koyon komai. Ta rubuta abin da ta koya a can, ta ambaci ayyuka biyu ko uku da kwas ɗinta ke buƙata waɗanda sai a ɗayan sashen ake yi, ta kuma ce za ta kammala rajistar da ke hannunta kafin ta tashi. Shafi ɗaya ya isa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne bayan an amince. Dole tsohon mai kula ya sa hannu a duk makonninsa kafin a bar sashen, domin sabon ba zai tabbatar da aikin da bai gani ba. A kuma san tun wuri wanda zai cike ɓangaren ma'aikata a Fom 8, wato takardar rahoton ƙarshen horo ta ITF, a sanar da makaranta sabon sashen.

Lokaci ma yana raba zaɓin biyu. Sauya sashe na son a nema kafin rabin wa'adi. Idan saura mako 3 ko 4, da ƙyar wani shugaban sashe zai karɓi wanda zai tafi kafin ya san dokokin kariya na wurin. A wannan hali gara a haɗa biyun a takarda ɗaya, a nemi ƙarin mako 4 da za a yi a sabon sashen, a miƙa ta aƙalla mako 3 kafin ranar gamawa. Idan an ƙi, a roƙi kwana biyu a kowane mako a can, sauran kwanakin a tsohon wuri.