Saƙo Daga Sama Ko Shawara Da Manoma?

A yankin Garwa na Kamaru, SODECOTON, kamfanin auduga da aka kafa a 1974, yakan aiko da irin auduga da taki bashi, malamin gona ya faɗi lokacin shuka da feshi. Wannan hanyar, wadda ta yi daidai da bayanin masani Rogers na 1962 kan yadda sabbin dabaru ke yaɗuwa, tana da sauri, amma manomin da ya karkatar da takin zuwa masararsa sai a ce ya ƙi ci gaba, alhali rumbunsa yake dubawa. Hanyar shawara kuwa takan fara da tambayarsa dalili, sannan a gwada taki a gonaki biyu har kaka. Ni na fi karkata gare ta, ko da yake tana cin damina guda, kuma muddin lawan, wato dagaci, yana zaune a taron, mata da matasa ba sa buɗe baki.