Jan Zare a Kwance ko a Tsaye: Ina Kwarkwaro Zai Nufa?

Ɗora kwarkwaron zare a kan tebur, zaren ya fito ta ƙasansa. Ja shi a kwance, a hankali: kwarkwaron zai gangaro wajenka yana naɗe zaren. Wannan ne ya fi ba ni mamaki, domin ido cewa yake warwarewa zai yi. Ɗaga hannunka sama sosai, sai ya gudu baya yana warwarewa.

Sirrin yana inda gefensa ya taɓa tebur. Miƙa layin zaren a zuci zuwa ƙasa: in ya bi ta saman wurin, gaba zai zo, in ya sauka gabansa, baya. Idan faɗin cikinsa santimita 2 ne, gefen kuma 4, iyakar da ke tsakanin zuwa gaba da komawa baya tana inda zaren ya yi kusurwar digiri 60 da tebur. A nan ba ya juyawa, zamewa kawai yake yi.