Daga Zariya zuwa Legas a babbar bas da yara uku: yadda na ga aikinsu

Tun da muka dawo daga bikin ƙanwata a Agege mata ke tare ni da tambaya ko tafiya da ƙananan yara a doguwar bas abu ne mai yiwuwa. Amsata ita ce eh, kuma na fi son ta a kan ƙaramar bas mai cunkuso. Amma jin daɗin tafiyar ya rataya ne a kan kujerar da kika samu, shi ya sa zan fi tsayawa a kanta.

Yarana ɗaya 'yar shekara 7 ce, ɗaya ɗan shekara 4, sai auta da ke goye. Kwana ɗaya kafin tafiya maigida ya je ofishin kamfanin ya yanko tikiti, ya roƙi layi na uku daga gaba, kujeru biyu a jere da ɗaya a gefensu. Na yaba musu a nan, domin lambar da aka rubuta a tikitin ita muka tarar, ba wanda ya zauna mana a kai. Na tsakiyan ma kujera muka saya masa. Na san kuɗin mota ya yi tsada, sai dai uwa mai goyo ba za ta iya ɗora ɗan shekara 4 a cinya tun daga Zariya har Ikko ba.

Dalilin neman gaba shi ne amai. A cikin kunne akwai sashen da ke jin motsin jiki. Idan shi yana jin mota na tangaɗi, ido kuwa bayan kujera kawai yake kallo, abin da ba ya motsi, sai saƙonnin biyu su saɓa a ƙwaƙwalwa, zuciya ta fara tashi. Kujerun can baya, bayan tayoyin ƙarshe, su suka fi tsalle a kan rami, ga zafin inji da warin gas. Yara daga shekara 2 zuwa 12 ne abin ya fi kamawa, jarirai ba kasafai ba. Haka kuwa na gani, auta nono kawai ya sha ya yi barcinsa.

Mun tashi bayan azahar. Muna wuce Jaji na ga ɗan shekara huɗun ya yi tsit, shi da bakinsa ba ya hutawa. Sai hamma a kai a kai, yana haɗiyar yawu, na taɓa goshinsa na ji gumi mai sanyi. Waɗannan su ne alamun da ke riga amai zuwa, kuma a lokacin ne dabara ke aiki. Na karɓe wayar da yayarsa ke nuna masa, na jingina kansa da kujera don ya daina lilo, na ce ya riƙa kallon titi ta gilashin direba yana ƙirga mini manyan motoci. Na ba shi alawar citta ya tsotsa. Kafin Kawo fuskarsa ta saki. Leda na hannuna dai a buɗe, da tsumma da kayan canji a jakar da ke ƙafata, ba a cikin but ba.

Kafin tafiyar na je kemis a Tudun Wada na yi tambaya a kan maganin da muke kira Finagan. Mai maganin ya ce ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba ko kaɗan, na sama da haka kuma awonsa ya danganta da shekaru, kuma ana shan sa ne tun daren jajibiri ko awa ɗaya zuwa biyu kafin a tashi, domin in amai ya riga ya fara ba zai zauna a ciki ba. Yana sa barci mai nauyi da bushewar baki. Ina roƙon iyaye mata kada mu ɗura wa yaro shi don kawai ya yi shiru a mota. Wata baiwar Allah a bayanmu 'yarta ta yi ta amai a hawa da gangaren yankin Okene, na miƙa mata ƙullin gishiri da sukari da na sayo a kemis, irin wanda ake haɗawa da lita ɗaya ta ruwa, wato fiya wata biyu. Cokali-cokali ta riƙa ba ta, domin kwankwaɗa da yawa lokaci guda shi ke dawo da aman.

Ta fuskar abinci ban dogara da tasha ba. Da safe na ba su koko da burodi, da rana shinkafa kaɗan ba mai yawan mai ba. Cikin da babu komai yana tayar da zuciya, wanda aka cika da maiƙo ma haka. Guzurinmu busasshe ne: dambun nama, gurasa, cincin, dabino da ayaba. Dafaffen ƙwai mun cinye shi tun kafin magariba. Fura da nono, kunun aya da alale na bar su a gida, don zafin mota yana sa su tsami cikin 'yan awoyi, kuma gudawa a motar da ba a tsayar da ita yadda kake so babbar wahala ce.

A nan kamfanin ya gaza. Tsayuwarsu ta yi nisa da juna, inda suka tsaya kusa da Lakwaja kuma banɗakin bai dace da yara ba. Da yarinyata ta matsu sai da na yi wa kwandasta magana sau da yawa, yana cewa, "Hajiya, a yi haƙuri, nan ba wurin tsayawa ba ne." Na fahimci batun tsaro da dare, amma da sun faɗa mana tun a tasha inda za a tsaya, da uwa ta san yadda za ta auna wa yara ruwa. Ki tafi da buta da ɗan fo da sabulu.

Kaya kuwa, sun liƙa wa kowace jaka lamba sun ba mu rabin takardar. Tsari ne mai kyau, sai dai a Ibadan da asuba na ga an buɗe but masu sauka suna jan kayansu ba wanda ya nemi takardar kowa. Jakunkunan Gana-mas-go duk kamarsu ɗaya, ko babu mugun nufi wani zai iya ɗauke naki. Namu mun rubuta musu suna da lambar waya da fenti a gefe biyu, muka ɗaura ƙyallen atamfa iri ɗaya a hannayen, muka sa ƙaramin kwado a zif. A tashar Zariya maigida ya tsaya har aka tura su can ciki, tunda mu a zangon ƙarshe za mu sauka, ya kuma ɗauki hotonsu a waya. Duk inda aka buɗe but sai na leƙa ta taga, in ban hango ba sai na bar wa babbar riƙon ƙaninta na sauka da goyona. Kuɗi, waya, katin banki da sarƙar biki suna cikin ƙaramar jaka a jikina, ƙarƙashin hijabi. Manyan yaran biyu kuma kowa da takarda a aljihu mai lambata da ta babansu.

Direban bai yi gudun ganganci ba, an kuma yi mana magana da mutunci har muka sauka da hantsi, kayanmu cif. Zan sake shiga motarsu in Allah ya kai mu, amma ranar da aka ce kujerun baya kaɗai suka rage, gara in ɗage tafiyar zuwa washegari.