Sharhina kan gwajin maleriya na gaggawa, bayan mura ta so ta ruɗa ni

Na daɗe ina son rubuta wannan, akan ɗan gwajin nan na maleriya da ake tsaga yatsa a ɗiga jini, da kuma tamomita, wato abin auna zafin jiki, da na siya na ajiye a gida. Gaskiya da can ni irin mutanen nan ce da in jiki ya yi zafi sai in taɓa goshi da bayan hannu in yanke hukunci da kaina, in na ji atishawa in ce mura ce, in na ji sanyi in ce maleriya ce a nemo magani. To abin da ya faru da 'yata mai shekara huɗu ne ya sa na daina.

Mura ce ta shigo mana gida, ta fara da babansu ta kama ni ta kama yaran duka. Irin wadda kowa ya sani, maƙoshi ya fara ƙaiƙayi, sai atishawa, sai hanci ya dinga zuba kamar famfo, daga baya tari. Na auna ƙaramar a hammata rana ta farko na ga 37.6, tana ta wasanta tana cin abinci, hancin kawai take gogewa da hannun riga. Wannan ita ce mura, ciwon yana zama ne a hanci da maƙoshi, zazzaɓin in ma akwai ba ya yin yawa, tana tsananta a kwana na biyu zuwa na uku sannan ta fara sauka, cikin sati ɗaya zuwa kwana 10 an warke ko da tarin ya ɗan jima.

Kwana na huɗu yayyenta duk sun fara samun sauƙi ita kuma sai ta juya. Da yamma ta zo ta kwanta a jikina tana cewa Mama sanyi, haƙoranta na haɗuwa, na lulluɓe ta da bargo biyu tana ta karkarwa a ciki alhali jikin kamar garwashi. Na auna, 39.3. Tana riƙe kai tana kuka, ta yi amai sau ɗaya. Na ba ta farasitamol, can cikin dare ta yi zufa sharkaf har na canza mata riga, da safe ta tashi garau tana neman 'yar tsanarta. Wallahi a nan ne na kusa yin kuskure, na ce ai murar ce ta yi mata nauyi ga shi ta wuce, tunda har yanzu hancin na zuba. Abin da ya hana ni sakin jiki lambar nan ce, 39.3, don na rubuta ta a waya tare da lokaci, kuma na san mura ba ta saba lafawa sannan ta dawo da irin wannan ƙarfin ba.

Muka je asibiti da safen. Nas ɗin ta tambaye ni yaushe ya fara, na nuna mata abin da na rubuta, na ce mata sista ni fa ina ganin mura ce don duk gidan muna yi. Ta ce Maman yarinya, mai mura ma sauro na cizonsa, hancin da ke zuba bai hana a ce akwai maleriya a jini ba. Ta ce farkon maleriya zazzaɓi ne da ciwon kai da jin sanyi da ciwon gaɓoɓi da kasala, wani lokacin amai, kuma waɗannan duk wasu cututtukan ma suna zuwa da su, ita kanta da take ganin masu zazzaɓi kullum ba ta iya rabewa da ido sai an gwada. Ashe ma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwaji kafin a ba da maganin maleriya.

Gwajin kansa ba wani abu ba ne. Ta yaga leda a gabana ta ciro ɗan farin roba mai tsawon yatsa, ta goge yatsar yarinyar da auduga mai sifirit ta bari ya bushe, ta ɗan soka, ta ɗebi jini ɗan mitsitsi ta sa a ƙaramin rami, ta ɗiga wani ruwa a ɗaya ramin, ta duba agogo. Minti 15 zuwa 20 ake jira, ya danganta da irin kit ɗin. Akwai wurin da aka rubuta C da wurin da aka rubuta T. Layin C shi ke nuna gwajin ya yi aiki, in bai fito ba to an ɓata sai a sake da sabo. Na 'yata C ya fito jajir, a T kuma wani siririn layi dishi-dishi da sai na matso kusa na gan shi. Na ce sista wannan ai kamar babu, ta ce layi ko yaya ya kai rashin haske layi ne, tana da maleriya. Aka auna nauyinta aka ba ta magani daidai kilonta, sau shida cikin kwana uku, ta ja min kunne kar in tsaya don na ga ta warware.

Abin da ban so ba a gwajin, kuma ya kamata a riƙa faɗa wa mutane tun farko, shi ne yana iya ci gaba da nuna akwai har makonni bayan an warke, don yawancinsu wani furotin na ƙwayar cutar suke ganowa kuma yana jimawa a jini bayan ƙwayar ta mutu. Ke nan ba a amfani da shi don tabbatar da warkewa, in zazzaɓi ya dawo bayan sati biyu gara a duba jinin a madubin likita. Haka kuma yana iya cewa babu a farkon ciwo in ƙwayoyin ba su yi yawa ba, to in ya ce babu amma zazzaɓin ya ƙi sauka a koma a sake, a kuma nemi wani dalilin, kunne ko huhu ko fitsari. A duba ranar lalacewa a jikin ledar ma.

Maganar yaushe za a je asibiti, ga abin da na riƙe yanzu. In mutum yana zaune inda ake maleriya ko ya je can kwanan nan, zazzaɓin da ya kai 38 a gwada cikin awa 24, kar a jira a ga ko zai dawo, don nau'in maleriyar da ake kira falsifarum na iya tsananta cikin kwana ɗaya, musamman ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu ciki. Jariri da bai kai wata uku ba kuwa ko da hancinsa na zuba, 38 asibiti ne kai tsaye. Sannan akwai waɗanda ba a jiran gari ya waye, jijjiga, yaro ya ƙi nono ko ruwa, ya dinga amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, barcin da ake tashinsa da kyar, sambatu, numfashi sama-sama, wuya ya sanƙare, ido ya yi rawaya, tafin hannu ya yi fari fat, ko fitsari ya yi duhu sosai.

Tamomita ɗin na ba shi tauraro biyar, a dai auna kafin a ba da farasitamol don yana ɓoye zafin na wasu awanni. Gwajin kuma huɗu, saboda waɗancan iyakokin nasa. Yarinyar zazzaɓinta ya sauka a kwana na biyu da fara magani, ta shanye shidan duka, hancin ne ya ƙara kwana uku yana zuba kafin ya tsaya da kansa.