GARGAƊI: Bidiyon ƙungiyar manoma mai neman jari da aka ba ni aikinsa na ƙi yi

Jama'a, sana'ata rubuta tsarin bidiyon talla da tace shi. Kwanakin baya wani mutum ya neme ni da aiki, ya ce shi ne shugaban wata ƙungiyar gama-kai ta manoman masara, suna son bidiyo na minti uku da za su nuna wa masu zuba jari. Ya turo mini takarda mai ɗauke da fitowa takwas, kowace da abin da kyamara za ta ɗauka, da abin da murya za ta faɗa, da rubutun da zai bayyana a kan allo. Na karanta takardar sau biyu, na yi masa tambayoyi, daga baya na mayar masa da kafin alƙalamin da ya ba ni. Yanzu na ga bidiyon yana yawo a waya, wani ya yi musu shi, kusan yadda yake a takardar. Shi ya sa na ga ya zama dole in faɗi abin da na gani, domin mai kallo sakamakon aikin kawai yake gani, ni kuwa na ga umarnin da aka rubuta a bayansa.

Fitowa ta farko gona ce daga sama, kore shar har iyakar ganinka, rana tana fitowa, rubutu yana cewa: "Hekta 500. Manoma 1,200. Buri ɗaya." A gefen takardar an rubuta wa mai tacewa cewa a sayo wannan hoton daga shafukan da ke sayar da gutsattsarin bidiyo. Na tambaye shi me zai hana mu je mu ɗauki gonarsu, ya ce, "Malam, hanyar ba ta da kyau a wannan lokaci." Na ce to a ba ni lambobin taswira na wurin in duba ta tauraron ɗan'adam, ya ce zai turo. Har muka rabu bai turo ba. Sayen hoto ba laifi ba ne a sana'armu, kowa yana yi. Laifin shi ne ka ɗora "hekta 500" a kan gonar da ba taka ba, ka bar mai kallo ya ɗauka taka ce. Wannan kuma kowa zai iya gwadawa: tsayar da bidiyon, ɗauki hoton allon, ka sa shi a Google Lens, manhajar da ke nemo wuraren da hoto ya fito a intanet. Sau da yawa za ka ga gonar nan tana tallar taki ko iri a wata ƙasa daban.

Ta biyu manoma ne suna murmushi da fartanya a kafaɗa, wannan ba abin tsayawa ba ne. A ta uku ne jikina ya fara sanyi. Sito ne cike da buhuna, rubutun yana cewa: "Tan 8 a kowace hekta. Amfanin bara yana hannu." Umarnin ɗauka kuma ya ce a ajiye kyamara ƙasa-ƙasa, a ɗauki layin gaba daga kusurwa, kada bangon baya ya fito, kada a wuce daƙiƙa huɗu. Duk wanda ya taɓa riƙe kyamara ya san amfanin wannan. Buhu ɗari biyu, in ka jera su ka kwanta a ƙasa ka ɗauka, sai su zama kamar dutse.

Ku zo mu yi lissafi da lambobinsu, ba nawa ba. Hekta 500, kowace tan 8, ya kama tan 4,000. Idan buhu kilo 100 ne, buhu 40,000 ke nan. Babbar mota mai ɗaukar tan 30 sai ta yi sawu fiye da 130 kafin ta kwashe su. Kaya irin wannan ba ya ɓoyuwa. Yana barin takardun awo, da rasit na masu saye, da littafin sito mai nuna abin da ya shiga da abin da ya fita, da direbobin da za su tuna sun yi dakonsa. Wanda yake da buhu 40,000 da gaske shi zai roƙe ka ka taka da kyamara daga ƙofa har bangon ƙarshe ba tare da yankewa ba. Sannan tan 8 a hekta ba ƙaramin abu ba ne. Ana samu, amma sai da ingantaccen iri, da isasshen taki a kan lokaci, da ruwa yadda ya kamata. A ce mutum 1,200 masu ƙananan gonaki duk sun tashi da wannan a matsakaici, magana ce da ke buƙatar takarda, ba kiɗa mai taushi a bayan hoto ba.

Ta huɗu takardar rajista ce ake haskawa na daƙiƙa biyu, da rubutu: "Muna da rajista da gwamnati." Daƙiƙa biyu ba su isa ka karanta suna da lamba ba, kuma da gangan aka yi hakan. Ko da takardar ta gaskiya ce, abin da take tabbatarwa kawai shi ne an yi wa wani suna rajista. A ƙasashe da yawa, izinin karɓar jari daga hannun jama'a daban yake, kuma hukumar da ke kula da harkar hannun jari ce ke bayar da shi. Rajistar ƙungiya ba ta tsaya a madadinsa.

Fitowa ta biyar ita ce ƙugiyar. Babu manomi, babu gona, sai baƙin allo da manyan haruffa: "Riba 30% duk wata 3. Tabbas. Uwar kuɗinka tana nan." A ƙasa kuma da ƙananan haruffa: "Gonakinmu suna da inshora."

Masara tana ɗaukar wata uku zuwa huɗu daga shuka zuwa nuna. Bayan nan sai girbi, sai shanya, sai casa, sai zuba wa buhu, sai neman mai saye, kuma lokacin girbi ne farashi ya fi faɗuwa domin kowa ya kawo nasa. Gonar da ta dogara da ruwan sama, a wurare da yawa sau ɗaya ake girbe ta a shekara. To mutumin da ya zuba kuɗi ranar shuka, aka ce a ƙarshen wata na uku zai karɓi ribarsa, daga ina za ta fito alhali masarar tana tsaye a gona? Wanda kuma ya zuba bayan an gama girbi, me aka noma da kuɗinsa? Idan ka bar ribar tana hawa kan uwar kuɗi sau huɗu a shekara, 100 ɗinka zai koma kusan 286. Gonar da ke iya wannan ba za ta tsaya yin bidiyo tana neman ni da kai ba, rancen banki ya fi mata arha nesa ba kusa ba.

Na yi masa wannan tambayar kai tsaye. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwa, kai dai rubuta mana. Na farko-farko duk za su samu, su ne za su kawo mana sauran." Da bakinsa ya faɗa. Ita kuwa fitowa ta bakwai ta ƙarasa bayanin: "Kawo mutum ɗaya, ka samu 10% nan take." Duba yadda abin yake. Ka ba su 100, an cire 10 an ba wanda ya kawo ka, saura 90, kuma bayan wata uku ana bin su 130. Babu ƙwayar masara ɗaya da aka sayar a tsakani. Gurbin 40 ɗin nan ba abin da zai cike shi sai kuɗin wanda ya shigo bayanka. Haka wani ɗan damfara mai suna Charles Ponzi ya yi a birnin Boston na Amurka a 1920, ya yi alkawarin riba 50% cikin kwana 45, yana biyan tsofaffi da kuɗin sababbi har abin ya rushe a shekarar. Shi da takardun biyan kuɗin wasiƙa ya fake, waɗannan da masara.

Maganar inshora ma romon baka ce. Inshorar amfanin gona tana biyan wanda ya yanke ta idan fari ko ambaliya ko wani abin da aka ambata a yarjejeniyar ya lalata shuka. Ba ta lamunce wa mai zuba jari riba, ba ta kuma biyansa idan shugaban ƙungiya ya kashe wayarsa. In an ce maka akwai inshora, nemi sunan kamfanin da lambar yarjejeniyar, ka kira kamfanin da kanka.

Na tsallake ta shida da gangan domin ita ta fi yi mini ciwo. Shaidar mutum uku ce, dattijo ɗaya da mace da matashi, kowa zai ce ya zuba ya samu. Kalmomin da za su faɗa an riga an rubuta su, har da wurin da matar za ta share hawaye. A gaban kowane suna an sa "za a nemo". Wato ba a san mutanen ba tukuna, amma an san abin da ya same su. Na yi ta tunanin dattijon da za a ba ɗan abin kashewa ya karanta layi uku, bai san fuskarsa za ta jawo wa maƙwabtansa asara ba, kuma shi za a fara nema ranar da abin ya fashe.

Kada wannan ya sa a yi wa ƙungiyoyin gaskiya kuɗin goro. Suna nan, suna neman jari, na kuma yi wa wasunsu aiki. Tun daga ƙungiyar gama-kai da aka kafa a garin Rochdale na Ingila a 1844 har zuwa ƙa'idoji bakwai da ƙawancen ƙungiyoyin gama-kai na duniya ya amince da su a Manchester a 1995, ginshiƙin abu ɗaya ne: membobi ne masu ƙungiya, kowane memba ƙuri'a ɗaya, abin da ake biya a kan jari kuma yana da iyaka. Saboda haka bidiyonsu yakan nuna babban taron shekara da kwanan watansa, da sunayen waɗanda aka zaɓa, da rahoton mai binciken kuɗi, kuma ba sa jin kunyar cewa wata shekarar an yi asara. A takardar mutumin nan babu taro, babu zaɓe, babu ma'aji. Kalmar "asara" ba ta fito ko sau ɗaya ba.

Fitowa ta takwas agogo ne yana ƙirga lokaci, da rubutu: "Gurbi 50 kacal suka rage. Rufewa ranar Juma'a." Sai lambar asusu. Na duba sunan da ke kan asusun lokacin da ya turo mini kafin alƙalami, sunan mutum ɗaya ne, ba na ƙungiya ba, kuma shi ne asusun da ke cikin bidiyon da ke yawo yanzu. An ce wa mai tacewa ya bar wurin ranar a buɗe don a riƙa sauyawa duk mako.

Idan kin riga kin zuba, ko ka riga ka zuba, kada ku ƙara ko da an biya ku zagayen farko, kuma don Allah kada ku kawo kowa. Ku adana rasit, da saƙonnin da kuka yi da su, da kwafin bidiyon kansa kafin su goge shi. Ku nemi uwar kuɗinku a rubuce, ku sanar da bankinku, ku kai ƙara wurin 'yan sanda da hukumar da ke kula da zuba jari a ƙasarku. Ni ma na kai musu takardar fitowa takwas ɗin, da bayanan da aka rubuta a gefenta.