Undo Send da Schedule send: wanne ne yake ceton saƙon da aka riga aka tura?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni sakatariyar wata ƙungiyar adashi ce. Jiya na tura wa mambobi imel da fayil ɗin da ba shi ya kamata ba, kafin in ankara kalmar Undo ta ɓace. An ce mini da na yi amfani da Schedule send da hakan bai faru ba. Mene ne bambancinsu, kuma akwai wanda yake dawo da saƙo bayan ya tafi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Babu ɗaya daga cikin biyun da yake dawo da saƙon da ya riga ya isa wurin wanda aka tura wa. Abin da kowannensu yake yi shi ne riƙe saƙon na wani lokaci bayan ya bar tagar rubutu, kafin a miƙa shi, kuma duk gyaran da za ki iya yi a cikin wannan lokacin riƙewa yake. Kamar saƙon da aka bai wa direba a tasha ne: muddin mota ba ta tashi ba, kina iya komawa ki karɓi abinki, amma da zarar ta kama hanya an wuce wurin. Bambancinsu yana cikin tsawon lokacin da ake riƙe saƙon, da kuma wurin da ake riƙe shi.

Dalilin wannan iyaka yana cikin yadda imel yake tafiya tun asali. Idan kika danna Send, saƙon yana zuwa ga manyan kwamfutocin kamfanin da kike amfani da shi, waɗanda ake kira saba, su kuma su miƙa shi ga sabar kamfanin mai karɓa ta wata ƙa'ida mai suna SMTP. Da zarar sabar mai karɓa ta amsa cewa ta karɓa, kwafin ya zama a hannunta, kuma a cikin wannan ƙa'ida babu wani umarni da ake cewa a dawo da shi. Shi ya sa goge saƙo daga Sent ba ya taɓa kwafin da yake akwatin mamban ƙungiyarku, domin naki kwafin kawai kika goge.

Mu fara da Undo Send a Gmail, tunda shi kika ambata. Google ta fito da shi a matsayin gwaji a 2009, sannan ta mayar da shi cikakken saiti a 2015. Bayan kin danna Send, ana nuna miki Message sent tare da Undo a ƙasan allo, alhali a zahiri saƙon bai fita ba tukuna, yana jiran sakan ɗin da aka saita su cika. Zaɓin guda huɗu ne kacal, sakan 5, 10, 20 ko 30, kuma idan ba ki taɓa canza komai ba, a kan 5 yake, wanda a ganina ya yi kaɗan ƙwarai ga mai tura saƙon ƙungiya. Ana canza shi ta kwamfuta, a Settings, sai See all settings, sai General, inda za ki ga Send cancellation period, kuma kada a manta da danna Save Changes a ƙasan shafin. Alamar cewa an yi nasara ita ce tagar rubutu ta sake buɗewa da saƙon a cikinta a matsayin daftari. Idan ba ta buɗe ba, kuma kika ga saƙon zaune a Sent, to ya tafi. Rufe shafin ko kashe waya a cikin waɗannan sakan ba ya tsayar da shi, sai dai ma ya raba ki da maɓallin Undo ɗin.

Schedule send kuwa, wanda ya zo Gmail a 2019, ke ce kike zaɓar rana da lokaci ta hanyar danna ƙaramar kibiyar da ke gefen Send. Saƙon yana komawa wani wuri mai suna Scheduled, inda za ki iya buɗe shi ki sake karantawa, ki duba sunayen waɗanda za a tura wa da fayil ɗin da kika maƙala. Idan kin ga kuskure, sai ki danna Cancel send, ya koma daftari, ki gyara. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe, domin bayan an soke shi an gyara, ba ya komawa layi da kansa, sai an sake sa masa lokaci, in ba haka ba ya zauna a Drafts har ranar ta wuce. Gmail tana ba da damar jera saƙonni har 100 a wannan wuri.

To, bari mu ɗora abin da ya same ki a kan ma'auni biyun. A ce da ƙarfe 10:00 na safe kika maƙala fayil ɗin da ke ɗauke da bashin kowane mamba maimakon takardar gayyatar taro, kika danna Send, sai bayan minti biyu kika lura. Da Undo Send a kan sakan 5, ƙofa ta rufe tun kafin ki ɗauke hannu daga linzami. Ko da kin mayar da shi 30, minti biyu sakan 120 ne, wato an wuce iyakar har ninki huɗu, don haka shi ma ba zai cece ki ba. Amma da kin sa Schedule send zuwa ƙarfe 11:00, da kina da sauran minti 58 na buɗe Scheduled ki soke. Wanda ya ba ki wannan shawara ya faɗi gaskiya a nan, sai dai da sharaɗi ɗaya mai nauyi, wato sai kin koma kin duba. Idan kika sa lokaci kika tashi kika shiga wasu harkoki, da ƙarfe 11:00 ya buga saƙon zai fita da kuskurensa kamar yadda kika bar shi, kuma a wannan karon ba kya gaban allo balle ki yi tunanin tsayar da shi.

Saboda haka kurakuran da suke kamawa ba iri ɗaya ba ne. Undo Send yana aiki a kan kowane saƙo ba tare da kin tuna da shi ba, kuma yana kama kuskuren da ido yake gani nan take, kamar mantuwar maƙala fayil ko danna Reply all a maimakon Reply. Schedule send sai kin zaɓe shi da gangan a kowane saƙo, amma shi yake kama kuskuren da sai hankali ya kwanta ake gano shi, kamar lissafin da bai daidaita ba ko kalaman da aka rubuta cikin fushi. Yana da nasa makantar kuma: bai san abin da ya faru bayan kin jera shi ba. Idan kika jera tunatarwar biyan kuɗi zuwa safiyar Litinin, mamban ya biya ranar Asabar har ya rubuto miki, tunatarwar za ta fita duk da haka.

Batun wurin da ake riƙe saƙon shi ya fi damuna, domin a ƙasashenmu da wuta da sabis ba su da tabbas, shi yake raba saƙon da ya fita a kan lokaci da wanda ya kwana. A Gmail, saƙon da aka jera yana zaune a sabar Google, don haka ko kwamfutarki a kashe take, ko data ta ƙare, zai fita, ko da yake yana iya jinkirin 'yan mintuna. A tsohuwar manhajar Outlook ta kwamfuta abin ya bambanta. A can ana shiga Options, sai Delay Delivery, sai Do not deliver before, kuma idan akwatinki na nau'in POP ko IMAP ne, wato hanyoyin da manhajar take bi ta ɗauko imel daga saba, saƙon yana zaune a Outbox a cikin kwamfutarki, dole manhajar ta kasance a buɗe da intanet a lokacin da aka sa. Idan aka ɗauke wuta da dare batir ya mutu, saƙon da aka sa wa ƙarfe 7:00 ba zai motsa ba sai lokacin da aka sake buɗe Outlook. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ki duba Outbox bayan lokacin ya wuce, in yana nan bai fita ba. Haka Send Later na manhajar Mail ta iPhone, shi ma yana buƙatar wayar ta kasance a kunne da intanet. Sai dai tsohuwar Outlook tana da wani abu mai kyau da yake tsakanin hanyoyin biyu, wato dokar defer delivery by a number of minutes a cikin Rules, wadda take riƙe kowane saƙo har zuwa minti 120. Wanda ya sa mata minti 5 ya samu damar da ta fi sakan 30 nesa ba kusa ba, kuma ba sai ya tuna a kowane saƙo ba.

A kula da agogo ma. Gmail tana bin lokacin wurin da kike sa'ad da kika jera saƙon, ba na mai karɓa ba. Idan kina Kano kina so ya isa Accra da ƙarfe 8:00 na safensu, sai ki sa 9:00, domin Najeriya tana gaban Ghana da awa ɗaya.

Wataƙila wani ya ambata miki Recall This Message na Outlook, wanda shi kam yake ƙoƙarin shiga akwatin mai karɓa ya cire saƙo. Wannan yana aiki ne kawai idan ku biyun kuna cikin ma'aikata ɗaya mai amfani da Exchange ko Microsoft 365, wato tsarin imel na kamfanin Microsoft, domin saba ɗaya ce take riƙe da akwatunanku. Ba ya kai wa ga adireshin Gmail ko Yahoo, kuma ko a cikin ma'aikatar, cire saƙo ba ya goge abin da mutum ya riga ya karanta ko ya ɗauki hotonsa.

Game da saƙon jiya, abu ɗaya ya rage da ya cancanci ki duba. Idan fayil ɗin mahaɗin Google Drive ne kika saka a cikin saƙon, to ainihin fayil ɗin yana hannunki har yanzu, kina iya buɗe Share ki cire sunayen waɗanda aka bai wa izini, ki mayar da General access zuwa Restricted, wanda bai riga ya sauke shi ba ba zai iya buɗewa ba. Idan kuwa maƙala shi kika yi kai tsaye, kowane mamba yana da nasa kwafin, kuma abin da ya dace shi ne ki rubuta musu gajeren saƙo yau, ki faɗi sunan fayil ɗin da aka tura bisa kuskure, ki roƙe su su goge shi kada su tura wa wani, sannan ki sanar da shugaban ƙungiyar tun kafin ya ji daga bakin mambobin.