Babbar lambar QR mai ruwan gwal ko ƙaramar baƙa: wacce za a buga a fasta?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Za mu buga fasta A3 ta ɗaukar sababbin ɗalibai a makarantarmu ta koyon ɗinki, da lambar QR da za ta kai mutum fom ɗin rajista. Mai zane ya kawo samfuri biyu, ga hotunansu. Na farko lambar babba ce, santimita 10, ruwan gwal a kan kore, da tambarinmu a tsakiya. Na biyu ƙarama ce, santimita 7, baƙa a cikin farin akwati. Ni na farkon ya fi burge ni. Wanne zan ce a buga?"

Wa alaikumus salam, Malama. Na biyun za ki ce a buga, amma da babban gyara ɗaya da wasu ƙanana da zan faɗa miki a gaba. Na buɗe hotunan biyu na zuƙo su, na ƙirga abin da ke ciki, kuma ga abin da na gani.

Waya ba faɗin lambar take dubawa ba. Ƙananan murabba'an da ke cikinta take karantawa, waɗanda zan kira ƙwayoyi. Kowace ƙwaya ko mai duhu ce ko mai haske, kuma dole kyamara ta bambance ta da maƙwabciyarta kafin ta fahimci saƙon. Lambar QR mafi sauƙi tana da ƙwaya 21 a tsaye, 21 a kwance. Duk lokacin da rubutun da aka cusa mata ya fi ƙarfinta, sai ta hau mataki na gaba, a ƙara ƙwaya huɗu a kowane gefe: 25, 29, 33, haka har 177.

A samfurin farko na ƙirga ƙwaya 57 a layi ɗaya. Abu biyu ne suka jawo haka. Mai zanen ya saka dogon adireshin fom ɗin kamar yadda ya kwafo shi, wanda ya haura haruffa ɗari, sannan saboda tambarin da zai ɗora a tsakiya ya zaɓi matakin kariya mafi girma, wato ƙarin bayanin da lambar ke cike gurbi da shi in wani sashe ya rufe. Raba santimita 10 gida 57, kowace ƙwaya ba ta kai milimita 2 ba, wajen 1.75 take. A samfuri na biyu ya yi amfani da gajeren adireshin nan mai farawa da `forms.gle`, haruffa 35 kacal, sai lambar ta tsaya a ƙwaya 29. Raba santimita 7 gida 29, kowace ƙwaya ta kai milimita 2.4. Kin ga ke nan wadda kike gani ƙarama, a idon kyamara ita ce babba. Wanda ya tsaya nesa kaɗan, ko mai wayar da kyamararta ba ta da kaifi, ta biyun za ta buɗe masa a inda ta farkon take nuna masa dishi-dishi.

Masu wannan aiki suna da wani lissafi na gwargwado: nisan da mutum zai tsaya, a raba shi gida goma, shi ne faɗin lambar. Mita ɗaya, santimita 10. Lissafin yana da amfani, sai dai an gina shi ne a kan lamba mai matsakaicin cunkoso, ba irin mai ƙwaya 57 ba. Ki tambayi kanki inda za a manna fastar. In a jikin ƙofar shago ce, mutum zai iya matsowa har ya kusa taɓa ta. In kuma a katanga ce da kwata a gabanta, ko an jera babura a ƙasanta, to mita ɗaya ko fiye zai tsaya, ba yadda zai yi.

Sai launi, kuma a nan ne samfurin farko ya fi ba ni tsoro. Abin da ke karanta lambar ba ruwansa da kore ko gwal. Yana mayar da hoton fari da baƙi ne, ya ja iyaka: abin da ya fi wannan duhu baƙi ne, abin da ya fi shi haske fari ne. A fuskar wayarki gwal ɗin yana sheƙi saboda hasken da ke bayansa. A takarda babu wannan hasken. Injin buga takarda na yau da kullum ba shi da tawadar gwal, haɗa rawaya yake yi da ɗan ja da ɗan baƙi, sai ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, wanda duhunsa bai yi nisa da na koren ba. Za ki iya gwadawa yanzu: buɗe hoton a waya, ki mayar da shi fari da baƙi. Na yi haka da naki, gwal ɗin ya koma toka mai haske, koren ya koma toka mai duhu. Akwai bambanci, amma ba mai yawa ba, kuma wannan tun kafin rana da ƙurar hunturu su yi aikinsu a kai.

Akwai matsala ta biyu a launin. An juya lambar, ƙwayoyin ne masu haske, bayan kuma mai duhu. Asalin tsarin, tun da kamfanin Denso Wave na Japan ya fito da shi a 1994, duhu ne a kan haske. Wayoyi da yawa na yanzu suna iya karanta juyayyiya, wasu manhajojin kuma ba sa iyawa, kuma ba ki da ikon zaɓar wayar da mahaifiyar ɗaliba za ta ciro daga jaka. Samfuri na biyu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Baƙi a kan fari shi ne iyakar bambancin da takarda za ta iya bayarwa. In launin makaranta ya zama dole, a yi ƙwayoyin da kore mai duhu sosai a kan fari, wannan yana aiki. Ja a kan kore ko rawaya a kan fari, kada ma a fara.

Yanzu filin da ke kewaye da lambar, wanda masu zane suka fi yi wa rowa. Ki dubi kusurwoyi uku na kowace lambar QR, za ki ga manyan murabba'ai kamar idanu. Su waya take fara nema, da su take gane ina ne sama, ina ne gefe, da girman ƙwaya ɗaya. Tana gane su ne ta jerin duhu, haske, duhu, haske, duhu a kan awo na 1:1:3:1:1. Gefen idon na waje yana bakin lambar ne daidai, don haka in wani zane ko rubutu ya manne masa, layin wajen ya yi kauri ke nan, awon ya lalace, waya ta wuce ba ta ma san akwai lamba a wurin ba. Shi ya sa ƙa'idar ta ce a bar fili wayam mai faɗin ƙwaya huɗu a dukkan gefuna huɗu, launinsa ɗaya da na bayan lambar.

A samfurin farko wannan fili ya kamata ya zama milimita 7. Mai zanen bai bar shi ba. Ya zagaye lambar da zanen aska irin na wuyan riga, da gwal ɗin nan dai, kuma zanen ya taɓa idon hagu na sama. Ya yi kyau ƙwarai, ban musa ba, amma a wurin kyamara wannan ado ƙarin ƙwayoyi ne marasa ma'ana. A samfuri na biyu ana buƙatar kusan santimita 1 a kowane gefe, kuma farin akwatin ya ba da shi a sama da gefuna biyu. A ƙasa ne kawai rubutun "Yi rajista a nan" ya shigo cikin akwatin har ya ci rabin filin. A fitar da shi waje, ƙasan akwatin.

Tambarin tsakiya kuwa, na san dalilin da ya sa kike son sa, yana nuna wa mutum lambar ta wace ce. Amma ki san farashinsa. Lambar tana ɗauke da ƙarin bayani da take cike gurbi da shi in wani sashe ya lalace, mataki huɗu: `L` wajen kashi 7 cikin ɗari, `M` 15, `Q` 25, `H` 30. Tambari ɓarna ce da aka yi da gangan, daga wannan ajiyar ake biyan ta. Abin da ya rage shi ne zai ji da tabon gam, da yagewa, da ɗigon ruwa. Ta farkon tana kan `H` amma ta riga ta kashe wani kaso, ta biyun tana kan `M` ba ta taɓa nata ba. Ni da zan sa tambarin a gefen akwatin, babba, inda ido zai gan shi da kyau. In kin dage sai a ciki, a yi shi da gajeren adireshin a kan `H`, lambar za ta zama ƙwaya 37, a santimita 10 kowace ƙwaya milimita 2.7, kuma tambarin ya zama ɗan ƙarami, nesa da idanun uku.

Babban gyaran da na ce shi ne a ƙara wa ta biyun girma zuwa santimita 10 ɗin da aka ba ta farkon. Ƙwayarta za ta kai milimita 3.4, kusan ninki biyu na waccan. Filin kewaye zai zama santimita 1.4, akwatin gaba ɗaya wajen santimita 13. Faɗin A3 santimita 29.7 ne, akwai wuri. A ja ta daga kusurwa don ta zauna murabba'i, kada a miƙe ta gefe ɗaya don cike gurbi. Kuma a ɗago ta daga gindin fastar inda take a samfuran biyu, domin can ne yara ke yagewa, can wata fastar ke hawa kai. In an manna, ta zo daidai ƙirji zuwa fuskar babba, a bango miƙaƙƙe. A jikin falwaya lanƙwasa take yi, idanun gefe su karkace.

Wajen bugawa, ki ce wa mai zane ya saka lambar a matsayin `SVG` ko `PDF`, ba hoton da aka ɗauka daga fuskar waya aka tura ta WhatsApp ba, don wannan gefunan ƙwayoyinsa narkewa suke yi in an faɗaɗa. Baƙin ya zama tawada ɗaya, wato `K 100`. In aka haɗa shi daga launuka huɗu, launi ɗaya ya ɗan goce a wajen bugu, sai ki ga inuwar ja ko shuɗi a bakin kowace ƙwaya. Takarda mai sheƙi da leda kuma suna mayar da hasken rana cikin kyamara, marar sheƙi ta fi.

Kafin ki biya kuɗin guda ɗari biyu ko nawa ne, a buga miki ɗaya a ainihin girmanta da ainihin takardar. Manna ta a waje. Ki nemo wayoyi uku, ciki har da mafi tsufa a cikin na ɗalibanki, a gwada da rana tsaka, a sake gwadawa bayan magariba a hasken kwan shago, daga taku ɗaya, daga taku biyu, da kuma daga gefe. In waya ta tsaya tana ta gyara ido ba ta nuna komai ba, girma ne ko haske. In ta ƙi daga kusa amma ta kama da kika rufe adon gefen da farar takarda, filin kewaye ne. Sannan a rubuta gajeren adireshin da lambar wayar makaranta a ƙasan akwatin, saboda masu ƙaramar waya.